Jimloli huɗu na saman sibi, da hoton tallar da aka turo miki

"Assalamu alaikum Anti. Bizata ta karatu ta fito, a watan Satumba zan shigo Bradford ta Birtaniya yin digiri na biyu in sha Allah. Wata ƙawata ta turo mini hoton tallar aikin akanta na 'yan awanni a can. Ga hoton, ga kuma sibina. Bayanin da na rubuta a samansa ya yi, ko sai na canza shi saboda wannan aikin?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya kawo ki lafiya. Na duba duka biyun, kuma sai kin canza shi. Sibinki yana da kaya masu kyau, amma duk suna can ƙasa a shafi na biyu, saman kuma kin cika shi da cewa ke mai ƙwazo ce, mai gaskiya, mai son aiki da jama'a, kina neman kamfani mai daraja inda za ki ci gaba. Ban ce ƙarya kika yi ba. Sai dai duk wanda ya nemi aikin zai iya rubuta hakan, kuma mai tace takardu a ofis irin namu, da takardu jibge a gabansa, abu ɗaya yake nema a layukan farko: shin wannan ta taɓa yin aikin da muka ce muna so?

Mu fara da hoton. Ga abin da na iya karantawa a ciki:

```
Accounts Assistant (part-time, 16 hrs/week)
Essential: purchase ledger experience, bank reconciliations,
Excel (VLOOKUP, pivot tables), right to work in the UK
Desirable: Sage 50, studying towards AAT
...See more
```

Kin lura da `See more` ɗin nan na ƙarshe? Alama ce cewa rabin tallar kawai ke hannunki. A ɓangaren da aka yanke ne yawanci ake sa ranar rufe karɓar takardu, da ranakun da ake son mutum ya zo ofis, da hanyar neman aikin, domin wasu wuraren ba sa ma karɓar sibi, fom ɗinsu suke so a cike. Hoton kuma ba ya nuna ranar da aka ɗauke shi, wataƙila ya daɗe yana yawo a WhatsApp. Ki ce wa ƙawar taki ta turo miki adireshin shafin. In ba ta da shi, ki rubuta sunan aikin da sunan kamfanin a wurin bincike har ki samo tallar a shafin kamfanin kansa ko a wani sanannen shafin ayyuka. Sunan kamfanin kuma ana iya duba shi kyauta a Companies House, inda ake rajistar kamfanonin Birtaniya. Duk wanda ya ce ki biya kuɗi kafin ya sama miki aikin, ki rabu da shi, don dokar ƙasar nan ta hana kamfanonin samar da aiki karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki saboda hakan.

Yanzu ki ɗauki takarda da biro, ki kwafe buƙatun da hannunki, kowace a layinta, da kalmomin da suka yi amfani da su. A gaban kowace ki rubuta abin da kika taɓa yi da ke nuna kin iya ta. Inda ba ki da abin rubutawa, ki bar wurin fayau. Masu talla a nan suna raba buƙatu gida biyu. Abin da ke ƙarƙashin `Essential` shi ne wanda in babu shi ana iya ajiye takardarki tun a zagayen farko. Na ƙarƙashin `Desirable` ƙari ne da ake raba gardama da shi tsakanin mutum biyu da suka yi kunnen doki. Bayanin samanki na rukunin farko ne. Na biyu yana shiga ne kawai in akwai sauran wuri kuma kina da shi da gaske.

Na gwada yin wannan da sibinki, ga abin da ya fito.

Buƙatar farko ita ce ta fi ba ni daɗi, domin kina da ita ba ki sani ba. A shafi na biyu kin rubuta cewa shekara 3 kina aiki da wani kamfanin rarraba kayan abinci a Kano, kina karɓar takardun kuɗin da masu kawo kaya suke bin ku, kina gwada su da takardar oda da ta shigar kaya sito, kina shigar da su, sannan ki shirya biya. To wannan shi ne ainihin abin da ake kira `purchase ledger` a ofisoshin nan. Ke kin rubuta shi da wani suna, kuma mai tacewar farko sau da yawa ba akanta ba ne, ma'aikacin ɗaukar ma'aikata ne da aka ba jerin kalmomi, ko kuma yana bincika takardun a cikin manhaja da kalmar da ke cikin tallar. In bai ga kalmarsu ba, ba lallai ya tsaya ya gane cewa aiki ɗaya ne ba. Don haka ki kira aikinki da sunan da suka kira shi, tunda aikin ɗaya ne. Sannan ki sa masa adadi. Kin ce wajen takardu 200 kike shigarwa a wata. Wannan adadin shi ne zai gaya musu girman wurin da kika yi aiki, domin sunan kamfanin ba zai gaya musu komai ba, ba su san shi ba.

Ta biyu ma kina da ita: duk ƙarshen wata kina daidaita littafin kuɗin kamfani da bayanan asusun banki guda 4. Ki ɗago ta daga ƙasa ki kawo ta sama yadda take.

Ta uku, wato iya aiki da Excel, rabi ce. Kin ambaci `VLOOKUP`, amma ban ga `pivot tables` ko'ina ba, don haka na ɗauka ba ki saba da shi ba. In haka ne, kada ki sa shi don kawai yana cikin talla. Ofisoshin akanta da yawa suna ba mutum ɗan gwajin Excel ranar intabiyu, a zaunar da ke gaban kwamfuta a ce ki tattara kuɗin kowane mai kawo kaya wata-wata. Nan take abin da aka rubuta ba a iya ba yake fitowa fili, kuma daga nan sai su daina yarda da sauran abin da ke takardar, har da na gaskiyar. Abu ne da ake koya cikin 'yan kwanaki in an dage. Kina da lokaci kafin Satumba, ki koya da tsofaffin alƙaluma irin waɗanda kika saba da su, ranar da hannunki ya faɗa sai ki ƙara shi.

Zancen Sage 50, wato manhajar lissafin akanta, yana da ɗan tarko da mutanenmu suke yawan faɗawa. Wanda ofisoshi da dama suke amfani da shi a gida shi ne wanda a da ake kira Peachtree, wato na Amurka, daga baya aka mayar da sunansa Sage 50. Na Birtaniya manhaja ce daban mai suna iri ɗaya, fuskarta daban, yadda take tafiyar da harajin VAT ma daban, wanda a nan yawancinsa kashi 20 cikin ɗari ne, a Najeriya kuwa 7.5. A sibinki kin rubuta Peachtree. Ki faɗi wanda kika yi aiki da shi a sarari. Hakan bai rage miki komai ba, akanta zai gane cewa wanda ya iya ɗaya ba zai daɗe bai iya ɗayan ba. AAT kuwa takardar shaidar ƙananan akantoci ce ta nan, ba ki yin ta, kuma kina da digiri a fannin. Ki yi shiru a kanta, ba sai kin ba da haƙuri a kan abin da ba ki da shi ba.

Saura izinin aiki, kuma a nan ra'ayin mutane ya bambanta. Wasu za su ce kada ki ambaci biza sam a sibi. Ni a wannan tallar ina ganin ki ambata, don su da kansu suka sa shi cikin abin da ya zama dole, kuma duk aikin da zai gani a takardarki na Kano ne. In ba ki faɗa ba, zai iya ɗauka kina Najeriya kina neman wanda zai ɗauki nauyin bizarki, ya wuce ki. Bizar ɗalibin digiri tana ba da damar aikin awa 20 a mako lokacin da ake karatu, awa 16 ɗinsu ta shiga ciki. Amma ki riƙe cewa awa 20 ɗin jimillar duk ayyukanki ce a mako guda, ba a rama ta wani makon a wani, kuma ba a yarda ki yi aiki a matsayin mai zaman kanta ba. In cikakkiyar tallar ta ce `self-employed` ko `freelance`, wannan aikin ba naki ba ne, komai kyan sibin.

Ga yadda zan rubuta shi da abin da kike da shi a yau, ƙarƙashin kanun `Profile`:

```
Accounting graduate with three years' purchase ledger experience
at a food distributor in Kano, processing about 200 supplier
invoices a month. Prepared monthly bank reconciliations for four
accounts, using VLOOKUP in Excel. Daily user of Sage 50 (US
edition). Student visa: able to work 20 hours a week in term time.
```

Ki duba tsarinsa. Ya bi jerin tallar, abin da suka fara ambata shi na fara amsawa. Babu kalmar yabon kai ko ɗaya, kowace jimla tana ɗauke da abin da za a iya tambayarki a kai ki amsa ba tare da inda-inda ba. Kuma bai wuce kalma sittin ba. Kada ki kwafe jimlolin tallar sukutum ki liƙa, ana ganewa. Sunayen ayyukan kawai za ki ara, hujjar taki ce.

Bayan kin gyara saman, ki sauka ƙasa ki tabbata komai ya yi daidai da shi. In sama ta ce shekara 3, watanni da shekarun da kika rubuta a gaban aikin su ba da 3, kuma in kin haɗa da shekarar bautar ƙasa a lissafin, ki nuna cewa a wannan ofishin kika yi ta. Layin farko a ƙarƙashin aikin Kano ya zama na takardun masu kawo kaya, na biyu na daidaita asusun banki. Ki cire hotonki, da ranar haihuwa, da jiha da ƙaramar hukuma, da addini, da zancen aure. A nan ba a sa su a sibi, dokar daidaito ta 2010 ta hana a fifita ko a ƙi mutum saboda irin waɗannan abubuwan, shi ya sa masu ɗaukar aiki ba sa son ganinsu.

Wannan bayanin na wannan tallar ne kaɗai. Gobe in kin ga aikin da ke neman mai bin bashi wurin kwastomomi ko mai shirya albashi, sai ki sake zama da takarda da biro, ki ajiye kowane sibi da sunan aikin da kika tura shi, don ranar da aka kira ki ki san wanne ne a gabansu. Kada ki tura wannan tukuna. Ki samo cikakkiyar tallar, ki duba ranar rufewa da ranar da suke son a fara, ki gwada ranakun aikin da jadawalin darussanki in makaranta ta fitar, sannan ki turo mini mu ga ko ɓangaren da aka yanke ya zo da wata buƙatar da za ta sa mu sauya jimlar farko. A gaida su Mama.