Kalmomin da ke yaudara tsakanin Faransanci da Turanci

"Na yi karatu da Faransanci a Maradi, yanzu ina koyon Turanci. Waɗanne kalmomi ne za su ruɗe ni?"

Fara da actuellement. A Faransanci tana nufin yanzu, amma actually ta Turanci na nufin a gaskiya. In kana son ka ce yanzu kana Kano, currently za ka ce, in ba haka ba sai a ɗauka gardama kake yi.

Wadda ta fi jawo rigima ita ce demander. Bafaranshe roƙo yake yi da ita, Bature kuwa in ya ji demand, tilastawa ya ji. Ka rubuta wa shugaban makaranta "I demand" maimakon "I request", ai ka ɓata takardarka tun layin farko.

Librairie kuma shagon sayar da littattafai ne, library ɗakin karatu.