Takardar da mahaifinku ya bari a akwati

"Baffa, mun ga takarda a akwatin Baba, da rubutunsa da sa hannun shaidu biyu. Ya ce a raba dukiyarsa daidai tsakaninmu, maza da mata. Liman ya ce ba za a bi ta ba. Ashe ana taka wasiyyar mamaci? Ni dai ba na son in saɓa masa yana cikin kabari."

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan yayana. Na san abin da ya sa ya rubuta takardar nan. Ina wurin lokacin jinyarsa a Gusau, na ga babbar yayarku ta bar ɗakin mijinta wata uku tana kwana kan tabarma a gefen gadonsa, tana ba shi kunu da cokali. Tausayi ne ya riƙe masa alƙalami. Amma liman ya yi gaskiya.

Numfashin mutum na ƙarewa dukiya ta bar hannunsa, ta koma ta magada bisa rabon da Allah ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11: ɗa namiji yana da rabon mata biyu. Abin da aka bar wa mamaci ya yi magana a kai sulusi ne, kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Sulusin ma na wanda ba ya gado ne: masallaci, ko maraya, ko agolan da ya tashi a gidan. Domin Annabi ya ce Allah ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, babu wasiyya ga magaji. 'Yan'uwanka mata magada ne. Duk abin da takardar ta ƙara masu daga rabon wani magaji aka yago shi, shi ya sa ba ta tsayawa, ko shaidunta goma ne.

Ɗauki biro mu lissafa. A ce bayan likkafani da biyan bashi, an yi wa gida da shanu da gonar fadama ta Talata Mafara kuɗi, sun kama naira 8,000,000. Kakanninku sun rigaye shi, saboda haka magada su ne innarku, da ku maza biyu, da mata uku. Innarku tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, 1,000,000. Saura 7,000,000. Kowane namiji kaso biyu, kowace mace kaso ɗaya, kaso bakwai ke nan: kai 2,000,000, Auta 2,000,000, kowace mace 1,000,000. Da takardar aka bi, kowa 1,400,000 zai samu. Ka ga an zare 600,000 daga hannunka, an zare 600,000 daga hannun Auta.

To ga inda ƙofa take. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan magaji baligi mai hankali ya yarda, abin yana wucewa, amma a matsayin kyauta daga gare shi, kuma a cikin rabonsa kaɗai. Kai kana iya karɓar naka, ka ware 600,000 ka ba kowace 200,000, ladan ya zama naka, ka roƙa wa mahaifinku. Auta shekararsa goma sha ɗaya. Ba shi da bakin yafewa, kuma ni ko innarku ko waliyyinsa babu mai ikon yafewa a madadinsa, dukiyar maraya ce. A ajiye masa cif. In ya girma ya ga dama, shi ya sani. Kuma kada wani ya ce ai Baba ya taɓa tara ku yana da lafiya kuka ce kun amince. Yardar da aka bayar mai dukiya yana da lafiyarsa ba ta ɗaure kowa.

Da ya so cika burinsa, da ya yi kyauta tun yana da ƙarfinsa, ya danƙa, su karɓa su riƙe. Kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu gado take komawa, wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka.

Abin da ya fi damuna daban ne, kuma ina jin shi mahaifinku ya hango. Na sha gani a ƙauyukanmu a ce gona ba ta mace ba ce, a bar ta hannun maza wai ana noma wa kowa, shekara ta zagayo a aika wa mace tiya biyar ta shinkafa a ce ta samu. Wannan al'ada ba ta da gindi a shari'a, cin haƙƙi ce. Kason mace yana cikin gona da gida da garke, yadda yake cikin kuɗi. A auna fadamar nan a gaban idonsu, kowace ta ga iyakarta, wadda ta zaɓi ta sayar maku ta sayar a farashin yau.

Kada ku ja abin. Ku kira malamin da ya san fara'ila, wato ilimin rabon gado, ko ku je gaban alƙali a rubuta. Ka zo min da takardar da jerin basussukansa ranar Juma'a bayan masallaci, ka taho da yayarku.