Yayanmu ya sayar da gonar gado ba da saninmu ba

Tambaya: "Mahaifinmu ya rasu ya bar mahaifiyarmu da mu 'ya'yansa biyar, maza biyu mata uku, da gona guda da ba a raba ba. Makon jiya muka ga wani yana kewaye ta da bulo, ashe Yayanmu ya sayar masa a kan naira miliyan 8 a ɓoye. Mene ne haƙƙinmu?"

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku, 'yar'uwa. Na daɗe ina zaman sulhu a kan rigingimun gado, kuma abin da na fi ganin yana cinye haƙƙin magada shi ne kunyar babban wa, domin a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa suke bi, shiru yana da wa'adi.

Tun ranar rasuwar, kowannenku ya mallaki rabonsa a gonar, bayan an fitar da bashi da wasiyya idan akwai. Idan iyayen mamacin sun riga shi rasuwa, mahaifiyarku tana da tumuni, wato miliyan 1 a cikin miliyan 8 ɗin, sauran miliyan 7 kuma a raba su gida bakwai, namiji miliyan 2, mace miliyan 1. Ke nan Yayanku kwata kaɗai ya mallaka, kuma zamansa babba bai mai da shi wakilinku ba. Cinikin da ya yi a kan sauran shi ne malamai suke kira cinikin fuduli, wato sayar da abin wani ba da izininsa ba, wanda yake rataye har sai mai abu ya amince. Kowane magaji yana da zaɓinsa shi kaɗai: ko ya amince ya karɓi kuɗinsa, ko ya ƙi amincewa, rabonsa ya dawo masa, mai saye kuma ya bi Yayanku kuɗin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, har kwatan nasa kuna iya karɓa ta hanyar shufu'a. Tunda ba a raba gonar ba, kun fi bare cancantar rabon ɗan'uwanku, don haka za ku biya mai saye miliyan 2 ɗin da ya bayar a kan wannan rabo, ba farashin yau ba, ku karɓe, ko yana so ko ba ya so. Idan da yawanku suka nema, kowa zai samu gwargwadon rabonsa, amma idan ke kaɗai kika nema, sai dai ki karɓi kwatan gaba ɗaya ko ki bari. Da an riga an raba an sa iyakoki, da babu shufu'a, domin maƙwabtaka kaɗai ba ta bayar da ita a Malikiyya.

Sai maganar lokaci. Wanda yake gari, ya san an sayar, ya yi shiru shekara guda ba tare da uzuri ba, shufu'arsa ta faɗi. Tana faɗuwa tun kafin haka idan ya zuba ido ana gini bai yi magana ba, ko ya je yana taya gonar a hannun mai saye, ko ya nemi hayarta, saboda duk wannan alamar yarda ce. Na ga wasu 'yan'uwa mata da suka karɓi ɗan abin da wansu ya aiko da sunan "a sa albarka", daga baya aka kawo shi gaban alƙali a matsayin shaidar amincewarsu. Kada ku karɓi ko kwabo, kada ku sa hannu a wata takarda tukuna.

A wannan makon ku je wurin mai saye da shaidu maza biyu adalai, ku sanar da shi ba ku amince ba kuma kuna neman shufu'a, ku ba shi a rubuce, ku kai kwafi ga mai unguwa ko dagaci. Daga nan ku shigar da ƙarar rabon gado a kotun shari'ar Musulunci, ku sa mai saye a ciki, ku roƙi umarnin dakatar da aiki. Za a nemi shaidun da suka san gonar ta mahaifinku ce har ya rasu, da sunayen magada duka. Idan filin yana da takardar mallaka ta gwamna, ku rubuta wa ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano, kada a sauya suna, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna. Ku kuma ga lauya, tunda rigimar mallakar irin wannan fili Babbar Kotu ce take saurarenta.

Gaggawar dakatar da ginin tana da dalili na kuɗi. Idan mai saye bai san gonar gado ce ba har ya kammala gida, ba rushewa za a yi ba: za a ce ku biya shi darajar ginin yana tsaye kafin ku karɓi filinku, kuma wannan kan fi ƙarfin magada, har su haƙura su karɓi kuɗi.