Amsa: Jera kanun takardar neman tallafi daidai da na masu bayarwa

"Na rubuta takardar neman tallafin bincike a nan Samaru, amma kanuna sun sha bamban da waɗanda masu ba da kuɗin suka jera. Dole sai na sake?"

Malama, sake kam ya zama dole. Mai dubawa yana da takardar maki da aka tsara bisa jerinsu, kuma abin da bai gani a gurbinsa ba yakan ɗauka babu shi.

Kada ki taɓa tsohon rubutun. Buɗe sabon shafi, ki kwafe kanunsu kalma da kalma, har lambobinsu, sannan ki riƙa ɗauko sakin layi ɗaya-ɗaya kina ajiyewa inda ya dace.

Wahalar tana wajen "Gabatarwa". Na taɓa gyara wata mai shafi 3 kan ajiyar masara a Giwa, ashe abu uku ta ƙunsa: matsalar, dalilin binciken da manufofi, alhali kowanne kansa daban suke so. Da muka raba, sai ga kan "Sustainability", wato ɗorewar aikin bayan tallafin ya ƙare, fayau, ba ko layi ɗaya. Amfanin aikin ke nan a wurina, yana tona giɓi. Kada ki goge irin wannan kan, ki rubuta masa sabon bayani.

A ƙarshe ki bi duk inda kika ce "kamar yadda aka ambata a sama", domin wataƙila abin ya koma ƙasa, haka ma lambobin jadawali.