Mahaifinmu Ya Rasu Ya Bar Shago, Bashi da Wasiyya: Wanne Za Mu Fara Biya?

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu wata biyu da suka wuce, ni ne babba, kuma ni nake riƙe da shagonsa na atamfa da shadda a Kantin Kwari. Kayan shago sun kai naira miliyan 16, amma na miliyan 2 na wata Hajiya ne da ta kawo a sayar mata. Akwai miliyan 4 a banki, da fili na miliyan 6 da ya jinginar wa abokinsa a kan miliyan 3. Dilan da ke ba mu kaya yana bin sa miliyan 5, sai bayan sallah wa'adin zai cika. Amaryarsa ta ce ta ranta masa 800,000. Muna bin kwastomomi miliyan 3. Ya yi wasiyya a gaban shaidu a bai wa islamiyyar unguwarmu miliyan 6. Daga aljihuna na kashe 200,000 a jana'iza, da 900,000 a abincin zaman makoki da sadakar uku da bakwai. Ƙannena, biyu daga ciki yara ne, ana matsa mini a raba. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, ku kuma Ya ba ku haƙuri da haɗin kai.

Ɗan'uwa, kada ka raba ko sisin kwabo tukuna. Gado sunan abin da ya saura ne bayan an fitar da haƙƙoƙi huɗu, kuma a jere suke, ba a tsallake ɗaya a je ga na bayansa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kano ke aiki da ita, Mukhtasar na Khalil ya jera su haka: haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai kamar jingina, sai hidimar jana'iza gwargwadon abin da aka saba, sai basussuka, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan magada. Bari mu bi su da lissafinka.

Kafin komai, ware abin da ba na Baba ba ne. Kayan Hajiya amana ce, ba su taɓa zama dukiyarsa ba, don haka ba su shiga layin masu bin bashi. A ciro su daga shagon, a ƙirga yadi-yadi a gabanta, a miƙa mata. Saura kayan miliyan 14. Ka haɗa da na banki da fili, dukiyar da ke hannu ta zama miliyan 24. Wata shawara a nan: a yi wa kaya kuɗi da farashin da za a iya sayar da su yau a sari, a gaban mutum biyu 'yan layinku da suka san harkar. Ka fi ni sanin cewa atamfar da yayinta ya wuce ba ta mayar da kuɗin da aka sayo ta, kuma in aka zuzuta kuɗin kaya a takarda, wanda aka bar wa shagon a rabonsa shi zai kwana ciki.

Mai jingina shi ne farko a wannan filin. Ko a biya shi miliyan 3 a karɓo filin, ko a sayar ya ɗauki nasa, ragowar ta dawo cikin dukiya. Sharaɗin wannan fifiko shi ne ya kasance ya karɓi jinginar ta shiga hannunsa tun Baba yana raye. In baki kawai aka yi, fili da takardunsa suna hannun Baba har ya rasu, to shi ma ya bi sahun sauran masu bin bashi. A naku lamarin dukiyar ta isa kowa, saboda haka bambancin ba zai taɓa lissafi ba. Saura miliyan 21.

Sai jana'iza, kuma nan ne na san amsata ba za ta yi maka daɗi ba. Abin da ake nufi da hidimar jana'iza shi ne abin da ya kai mamaci kabarinsa: likkafani, turare, ladan wanka in an biya, masu haƙa, itace ko tukwanen rufi, motar da ta ɗauke shi. Wannan ya gabaci bashi, domin ko mutum ya mutu bashi ya yi masa katutu, ba a hana shi sutura. 200,000 ɗinka za ta dawo maka, sai fa in da niyyar sadaka ka kashe. Amma buhunan shinkafa, lemo, hayar rumfa da kujeru, da wainar sadakar uku da bakwai ba sa cikin wannan babi. Ba za ka cire 900,000 daga tsakiyar dukiya ba, domin a cikinta akwai rabon marayu biyu da ba su isa su yafe komai ba, kuma babu mai ikon yafewa a madadinsu. 'Yan'uwanka baligai in sun ga dama su kama maka daga rabonsu bayan an raba. Saura miliyan 20 da 800,000.

Yanzu bashi. Mutane da yawa suna ɗauka wasiyya ce gaba, saboda a aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i ita aka fara ambata. Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa bashi ake fara biya, kuma an ruwaito daga Sayyidina Ali cewa haka Manzon Allah (SAW) ya hukunta. Dalilin ma a fili yake ga ɗan kasuwa: bashi kuɗin wani ne da ke hannunka, wasiyya kuwa kyauta ce.

Abin da zai fi shafar shagon shi ne wannan. A Malikiyya, mutuwar wanda ake bi tana kawo wa'adin bashi. Maganar "sai bayan sallah" ta tafi tare da Baba, dila yana da ikon neman miliyan 5 ɗinsa yanzu. Amma kwastomomin da ku kuke bi, nasu wa'adin yana nan yadda aka yi da su, domin su ba su mutu ba. Ka ga inda matsi zai fito: ana bin ku nan take, ku kuma sai kun jira. Kuɗin da ke banki miliyan 4 ne kawai, abin da za a fitar kafin wasiyya ya kai miliyan 9. In ba a yi dabara ba, za a karyar da kaya a kasuwa a yi asara. Shawarata, ka je wurin dilan da kanka tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa. In kai ne za ka ci gaba da shagon, ka nemi ya amince bashin ya dawo wuyanka, ka karɓi kayan miliyan 5 daga dukiyar a madadinsa, a rubuta, shaidu su sa hannu, ya faɗa da bakinsa cewa ya sauke wa Baba. Dila da ya daɗe yana ba ku kaya ba ya son shagon ya mutu. Amma yardarsa ce sharaɗi. Ku magada ba za ku zauna ku kaɗai ku ce kun ɗauke ba, alhali hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Kada kuma dilan ya aiko yaransa su kwashe dilolin da ba a kwance ba da hujjar cewa kayansa ne. Abin da aka sayar bashi ya zama na mai saye. A wajen Imamu Malik, in mai sayen ya mutu, mai kayan daidai yake da sauran masu bin bashi ko da ya ga kayansa a shago. Nan ya bambanta da Hajiya, wadda ba ta sayar wa Baba komai ba.

Kuɗin amarya bashi ne cikakke, kamar na dila. Zamanta mai gado bai soke shi ba: ta karɓi 800,000, sannan ta shiga tumuni da abokiyar zamanta. Sai dai da'awa a kan mamaci tana son hujja, ko shaidu, ko rubutun hannunsa, ko shaidar tura kuɗi ta banki, kuma alƙali yakan ƙara da rantsar da mai da'awar cewa bai karɓa ba, bai kuma yafe ba. Ka faɗa mata wannan da ladabi, matar ubanka ce, kuma ka nuna mata cewa dila ma haka za a yi masa. An fitar da miliyan 5 da 800,000, saura miliyan 15 cif.

Da a ce abin da ya saura bayan jana'iza miliyan 2 da 900,000 ne kacal, da kowa rabin kuɗinsa zai samu: dila miliyan 2 da rabi, amarya 400,000, ba wasiyya, ba gado. Kuma ba a tilasta wa 'ya'ya su cika daga aljihunsu, sai dai wanda ya yi don Allah da tausayin mahaifi.

Wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas. Kuskuren da na fi gani shi ne a auna sulusin da dukiyar farko. Mutum zai ce sulusin miliyan 24 ai miliyan 8 ne, wasiyyar miliyan 6 ta shige. A'a, da miliyan 15 ake aunawa, sulusinta miliyan 5. Islamiyya za ta karɓi miliyan 5, magada su raba miliyan 10, tumunin mata miliyan 1 da 250,000 ke nan. Cikon miliyan 1 ɗin yana hannun magada: baligin da ya yarda ya bayar daga rabonsa, ba a taɓa na yara.

Sai dai akwai miliyan 3 da ke wajen kwastomomi. Ban sa su a lissafi ba, domin bashin kasuwa sai ya shigo hannu ake ƙirga shi. Duk abin da aka karɓo, a cire wa islamiyya kashi ɗaya cikin uku, a raba sauran. In duka suka dawo, dukiyar ta zama miliyan 18, sulusinta miliyan 6, wasiyyar Baba ta cika ba tare da kowa ya sadaukar da komai ba. Don haka ka ɗauki littafin bashin nan da muhimmanci, ka bi su ɗaya bayan ɗaya tun ba a manta ba.

Kafin ranar rabo, ka sa a yi sanarwa a masallacin layinku da wajen shugabannin kasuwa cewa duk mai bin Baba ya zo da hujjarsa, ku ba da 'yan makonni. In aka raba sannan wani ya ɓullo da hujja, za a bi magada a karɓo daga abin da suka samu, lokacin wani ya riga ya sayi babur, wata ta yi kayan ɗaki. Katin cire kuɗin Baba kuwa ka ajiye shi, ku nemi takardar kotu da banki zai saki kuɗin da ita. Cinikin da ka yi a wata biyun nan kuma ka rubuta shi daban, shiga da fita, ka tafi da littafin gaban alƙali ko malamin da zai yi muku rabon, tare da wanda zai tsaya wa yaran nan biyu.