Rahoton mako ga manajan da ba ya son jadawali

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ce ke haɗa alƙaluman mako a wani kamfanin sarin shinkafa. Duk Litinin nakan tura wa manajanmu jadawali daga Excel, shi kuma ya ce wannan layi-layin ba ya shiga kansa, in riƙa rubuto masa da magana a taƙaice. Na gwada, amma sai na ga jadawalin ne dai na mayar jimloli, ga tsawo. Don Allah yaya ake yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na daɗe ina aikin akawu a wajen 'yan sari a Kano, kuma yawancin iyayen gidan da na yi wa aiki a waya suke karanta rahoto, sau da yawa a cikin mota ko a tsaye a bakin sito. Abin da na fahimta shi ne, mutumin da ya ce ba ya son jadawali ba ƙin lissafi yake yi ba. Jadawali yana ba shi lambobi ne ya bar shi da aikin kwatantawa, shi kuma so yake a yi masa wannan aikin kafin ya iso gare shi. Don haka kowace lamba da za ki rubuta, ki haɗa ta da abin da ake auna ta da shi. "Mun yi cinikin naira miliyan 19.2" bai gaya masa komai ba. Sai ya ji na makon jiya nawa ne, ko abin da aka saba yi nawa ne, sannan zai san murna zai yi ko tashi tsaye.

Kafin ki rubuta komai, ki nemi ɗan lokaci a wurinsa ki tambaye shi: Yallaɓai, wace shawara kake yankewa duk mako? A gidan sari amsar ba ta wuce uku zuwa huɗu: yaushe za a yi odar kaya, wa za a ci gaba da ba bashi, wa za a tsayar, za a taɓa farashi ko a'a, kuma akwai kuɗin biyan mai kaya ko babu. Lambobin da suka shafi waɗannan su ne za su shiga rahoton. Sauran duk su zauna a jadawali, kada ki daina haɗa shi, domin daga shi kike ɗebowa kuma shi ne hujjarki ranar da aka ce a kawo asali.

Bari mu ɗauki misali da lambobin da na tsara don bayani, ki musanya su da naki. A ce wannan makon kun sayar da buhu 310 mai kilo 50 a kan naira 62,000, kuɗin ya kama naira 19,220,000. Makon jiya kuma buhu 330 ne a kan naira 57,000, wato naira 18,810,000. Wanda ya dubi kuɗin kawai zai rubuta cewa ciniki ya ƙaru da naira 410,000, kuma bai yi ƙarya ba. Amma buhu 20 ne suka ragu. Da ba a ƙara naira 5,000 a kan buhu ba, da cinikin ya tsaya a naira 17,670,000, ƙasa da na makon jiya da fiye da miliyan ɗaya. A nan ne rahoto da yawa ke yaudarar maigida ba tare da marubucin ya yi niyya ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin kaya ya riƙa motsi sosai, har ya zama naira kaɗai ba ta isa ma'aunin ciniki ba. Ki riƙa faɗin kuɗi da adadin buhu a jimla ɗaya, kada ki raba su.

Abu na biyu da ya fi wannan ma haɗari shi ne cakuɗa ciniki da kuɗin da ya shigo. A misalinmu, a ce daga cikin miliyan 19.2 ɗin nan miliyan 14.5 ne aka biya, saura miliyan 4.7 bashi aka ɗauka. An kuma karɓo miliyan 2.1 daga tsohon bashi. Idan a farkon mako ana bin kwastomomi miliyan 9.3, to yanzu ana bin su miliyan 11.9. Manajan da ya ji "ciniki miliyan 19.2" zai iya kiran mai kaya ya yi masa alkawarin biya, alhali abin da ya shiga asusu da akwatin kashiya miliyan 16.6 ne. Ni a wurina wannan jimlar ta bashi ita ce zuciyar rahoton ɗan sari, kuma ba na yarda in tura rahoto babu ita ko da makon ya yi kyau.

Kayan sito kuma kada ki ba shi su a buhu kawai, ki mayar masa da su kwanaki. Idan buhu 520 suka rage, kuma a makonni huɗun da suka wuce kuna sayar da kamar buhu 335 a mako na kwana shida, to a rana ana fitar da kusan buhu 56, kayan za su kai ku kwana tara na aiki. Idan mota tana ɗaukar mako guda daga yin oda zuwa sauke kaya, lissafin da kansa ya nuna ranar da ya kamata a yi odar.

Ga yadda zan rubuta wannan makon:

"Barka da safiya Yallaɓai. Rahoton Litinin zuwa Asabar. Babban abin lura shi ne bashi ya ƙaru kuma kaya sun kusa ƙarewa. Mun sayar da buhu 310 a kan naira miliyan 19.2. Kuɗin ya ɗara na makon jiya da kamar naira dubu 400, amma ƙarin farashi ne ya jawo haka, buhunan sun ragu da 20, kuma sun gaza buhu 335 da muka saba. Kuɗin da ya shigo hannu miliyan 16.6 ne. Bashin da muke bi ya tashi daga miliyan 9.3 zuwa 11.9, kuma miliyan 3.4 a ciki ya wuce kwana 30, yana hannun mutum biyu. A sito akwai buhu 520, za su kai mu kwana tara na aiki. Ana buƙatar shawararka a kan abu biyu: yin oda kafin Laraba, da ko a dakatar da ba mutanen nan biyu kaya har su rage. Cikakken jadawali yana nan idan ana so."

Ki lura ban fara da ciniki ba duk da shi ne layin farko a jadawalin. Na fara da abin da zai so ya sani ko da jimla ɗaya kawai ya karanta kafin waya ta katse shi. Na kuma dunƙule lambobin: 19,220,000 ta zama miliyan 19.2, 410,000 ta zama kamar dubu 400. Kunne ba ya riƙe lamba mai sifili da yawa, kuma babu shawarar da za ta sauya saboda naira dubu goma a cikin miliyan goma sha tara. Sai dai ki fara kammala lissafi da cikakkun lambobi sannan ki dunƙule a ƙarshe, in ba haka ba wata rana jimillar ba za ta haɗu ba, shi kuma ɗan kasuwa ne, zai haɗa a kansa ya kama gibin. Kashi cikin ɗari kuwa ina rage amfani da shi. "Buhu 20 sun ragu" ya fi "ragin kashi 6 cikin ɗari" saurin shiga, musamman idan adadin ƙarami ne: kwastoma biyu su zama uku, ki rubuta ƙarin kashi 50, kin tayar da hankalin mutum a banza.

Sai maganar dalili, wadda nake ganin a nan ake gane ƙwararre. Manaja zai tambayi me ya sa buhuna suka ragu, kuma akwai sha'awar a ba shi amsa a rubuce tun kafin ya tambaya. Ki rarrabe abin da littafi ya tabbatar da abin da kike zato. Idan kin duba rasit kin ga wani babban dila da ke ɗaukar buhu 25 duk mako bai zo ba, wannan tabbas ne, ki faɗa kai tsaye. Idan kuwa gani kike ƙarin farashi ne ya kori mutane, ki rubuta "ina zaton", ki ƙara da wanda zai iya tabbatarwa, kamar yaran shago da ke jin ƙorafin masu saye. Zato idan ya shiga rahoto da rigar tabbas, a kansa za a sauke farashi ko a kori ma'aikaci.

Makon da kike kwatantawa da shi ma yana buƙatar kula. Makon da hutun Sallah ya cinye kwana biyu ba a auna shi da cikakken mako sai an raba da kwanakin aiki, a faɗi cinikin rana ɗaya. Kwatanta da makon bara kuma yana da tarko a wurinmu, domin azumi yana matsowa da kamar kwana 11 duk shekara a kalandar bature, sai ki tarar kina auna makon sayayyar azumi da makon da babu komai. Idan za ki waiwayi bara, ki bi watan Musulunci: makon farko na Ramadan da makon farko na Ramadan. Haka ƙarshen wata, lokacin da albashi ya shiga, ba ɗaya yake da tsakiyar wata ba. Shi ya sa na fi son matsakaicin makonni huɗu a matsayin "abin da muka saba", yana shanye yawancin wannan hawa da sauka.

Ki kuma tsayar da lokacin rufe littafi, misali ƙarfe shida na yammacin Asabar, kada ya sauya. Tiransifar da aka turo daren Asabar ba ta faɗa asusu ba sai Litinin, ki yanke wa kanki a wane mako take shiga, ki tsaya a kan haka kullum. Kuma abin da ya bayyana a takardar banki shi ne kuɗi, hoton rasit da kwastoma ya turo a waya bai zama kuɗi ba tukuna. Idan mai kula da sito bai kawo ƙidayar Asabar ba, ki rubuta a fili cewa adadin sito na littafi ne, ba a ƙirga ba.

Za ki gane rahoton yana aiki daga irin kiran da ke biyo bayansa. Idan ya kira yana tambayar "to yanzu nawa ake bin mu?", akwai lambar da ta ɓace ko ta nutse a tsakiya, ki matso da ita sama. Idan ya kira ya ce a yi oda ko a tsayar da wane, ya karanta ya fahimta. Bayan wata guda ki tambaye shi wace jimla ce ba ya dubawa, ki cire ta, sauran kuma ki bar su a jere ɗaya kowane mako: bashi a inda ya saba ganin bashi, sito a inda ya saba ganin sito. Jimlar farko ce kawai za ta riƙa sauyawa gwargwadon abin da ya faru a makon.