Wasan tsallaka gudro da wasan kalmar gida

Tambaya: Malam, ɗana shekara 7, mun sa shi lakwal a nan Tawa, kullum sai ya tsallaka gudro shi da yayarsa mai shekara 10. Na yi faɗa har na gaji. Akwai wasan da zai koya musu hanya da kiyaye mutanen da ba su sani ba?

Amsa: Hajiya, faɗa ba zai yi ba, don yaro ɗan shekara 7 yana ganin moto sarai, saurinsa ne bai iya aunawa ba tukuna. Shi za ki koya masa.

Ki ja layi biyu a tsakar gida, taku goma naki tsakaninsu, ya ratsa da tafiya ba gudu ba, kina ƙirga daƙiƙa. Za ki samu wajen 8. To ranar Lahadi ku je daidai inda suke tsallakawa, ki riƙe hannunsa, babu mai sa ƙafa a gudro. Ya duba hagu, dama, ya sake hagu (mu nan ta dama ake tuƙi, wanda zai fara isowa gare shi daga hagu yake), in ya ga da hali ya ce "yanzu", ku ƙirga 8 tare. In wani abu ya gifta kafin ku gama, ya faɗi wasan, ki ci maki. Ɗan kabu-kabu mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 90 cikin daƙiƙa 8 ɗin nan, wanda yaro zai rantse miki yana can nesa. In ya yi daidai sau goma a jere, kwana daban-daban, ya fara kamawa, amma ko a haka hannunsa na cikin na yayarsa.

Na baƙo ya fi wuya, don mu da kanmu muka koya musu duk babba ya kira ka ka je, ya aike ka ka tafi. Ku zaɓi kalma ɗaya a gida, ko da "tukunya" ce, duk wanda ya ce mama ta aiko shi sai ya faɗe ta. Bai sani ba, yaro ya ja baya inda hannu ba zai kai ba, ya ɗaga murya "ban san ka ba!", ya ruga wajen mai ƙosai ko mai tebur. Ki sa ya yi ihun da gaske, kunya ce ke fara riƙe musu maƙogwaro.

Kuma kar mai yin baƙon ya ɗaure fuska, ya zo da fara'a, ya kira sunan yaron. Ni nawa ɗan, sati guda muna wasan nan, na roƙi wani abokina da bai taɓa gani ba ya tare shi da dala ashirin ya ce zo ka nuna mini gidanku, wallahi har ya ɗora ƙafa kan moto, kalmar ma bai tuna ba. Sai da muka sake daga farko, da kuɗin a hannu. In an taɓa amfani da kalmar sau ɗaya, ku canza ta a daren.